Garwa da Pitowa: tambayoyin da ya kamata mai neman haya ya rubuta kafin ya biya abans ko la'adar dillali

Baƙon da ya sauka Garwa ko Pitowa da niyyar zama, ko ɗan kasuwa ne daga Mubi, ko ɗalibin jami'ar Garwa da aka kafa a 2022, ko ma'aikacin da aka yi wa sauyin wurin aiki daga Marwa, yakan sami ɗaki ne ta hannun dillali, wanda ake kira demarsher da Faransanci. Dillalin zai zagaya da shi unguwanni kamar Hausare, Fulɓere, Yalwa ko Rumde Ajiya, ya nuna masa ƙofa, sannan ya ce akwai wani da ke tafe da kuɗinsa, sai a yi hanzari. Tsakanin ranar da mutum ya miƙa kuɗi da ranar da makulli ya shiga hannunsa shi ne lokacin da ya fi kowane lokaci rauni a gaban doka. Abin da ke rufe wannan giɓi takarda ce guda, mai ɗauke da 'yan tambayoyi da amsoshinsu, wadda aka sa wa hannu kafin kuɗi ya bar aljihu.

Dalilin da ya sa shaidu kaɗai ba su isa ba

A al'adar Hausawa, ciniki a gaban dattawa biyu ya ƙullu. Kotun gwamnati a arewacin Kamaru tana kallon haya da wani ido daban. Yankunan ƙasar masu amfani da Faransanci, ciki har da jihar Arewa da Garwa ke zaman babban birninta, suna aiki da kundin dokokin hulɗar jama'a da aka gada daga Faransa, wato Kod Sibil. Sashe na 1714 na kundin ya yarda a ƙulla haya a rubuce ko da baki. Sai dai sashe na 1715 ya biyo baya da sharaɗi mai nauyi: idan hayar ta baki ce, ba a kuma fara aiki da ita ba, sai ɗaya daga cikin ɓangarorin ya musanta, to ba a karɓar shaidar mutane don tabbatar da ita, komai ƙanƙantar kuɗin, ko da an ce an ba da kafin alƙalami. Abin da ya rage shi ne a nemi wanda ya musanta ya rantse.

Wannan shi ne daidai halin mutumin da ya biya abans bai shiga gidan ba tukuna. Ko da liman da mai unguwa suna zaune lokacin da aka ƙirga kuɗin, maganarsu za ta yi amfani a zauren sulhu, amma ba ita za ta tabbatar da hayar a kotu ba. Sashe na 1716 ya ƙara da cewa idan an riga an shiga gidan, aka yi saɓani kan yawan kuɗin haya kuma babu rasit, maganar mai gida ake ɗauka bisa rantsuwarsa, sai fa in ɗan haya ya nemi a kawo masani ya kimanta. A duka wuraren biyu, rashin takarda mai gida yake amfana.

Tambaya ta farko: gidan wa ne, kuma wa ke da ikon karɓar kuɗi?

Ana rubuta cikakken sunan mai gida kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, da lambar katin, sannan a tambayi takardar da ke nuna gidan nasa ne. Tun daga dokokin ƙasa na 1974, takardar mallaka da hukuma ta amince da ita a Kamaru ita ce wadda ake kira titir fonsiye. Idan gidan na da ita, sai a rubuta lambarta, kuma ana iya neman takardar tabbatar da mallaka a ofishin adana rajistar filaye na gundumar Binuwai. Gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni da garuruwa irin su Pitowa ba su da wannan takarda, abin da ke hannun masu su shi ne takardar saye ko shaidar sarakunan gargajiya. Rashin titir bai hana haya ba. Abin da yake wajabtawa shi ne a je gun jauro ko lawan na unguwar a ji ko ya san mutumin a matsayin mai gidan, a kuma roƙe shi ya sa hannu a matsayin shaida.

Gidan gado yana buƙatar ƙarin tambaya. Sau da yawa ɗa ɗaya ne ke zaune kusa da gidan, shi ke hulɗa da dillalai, sauran magada suna Ngaundere ko Yawunde ko ƙetare. Idan ya karɓi hayar wata shida ya kashe, 'yan uwansa na iya zuwa su ce ba da yawunsu aka yi ba. Tambayar da za a rubuta ita ce: wa dangi suka naɗa ya kula da dukiyar, kuma ina takardar taron dangi ko hukuncin gado na kotu da ya ambaci sunansa?

Haka nan a tambayi wanda ke ba da ɗakin ko shi ma ɗan haya ne. Sashe na 1717 ya ba ɗan haya damar sa wani a madadinsa matuƙar yarjejeniyarsa ba ta hana ba, amma yarjejeniyoyi da yawa suna hanawa. Wanda ya shiga ta wannan ƙofa, zamansa ya rataya ne a kan zaman wanda ya shigo da shi. Ranar da aka sallami wancan, shi ma ya tattara.

Sai batun dillalin kansa. Doka mai lamba 2001/020 ta ranar 18 ga Disamba 2001 ce ta tsara sana'ar dillancin gidaje a Kamaru, kuma mai yin ta bisa ƙa'ida yana riƙe da katin sana'a daga hukuma. Galibin waɗanda ke zagaya unguwa a kan babur ba sa cikin wannan rukuni. Cikinsu akwai masu amana da suka shekara suna aikin, amma amanarsu ba ta ba su ikon karɓar kuɗi da sunan wani. Sashe na 1239 na Kod Sibil ya ce biyan kuɗi yana inganta ne idan an biya mai haƙƙin ko wanda ya ba wa iko. In an biya wanda ba shi da wannan iko, biyan bai sauke nauyi ba, sai idan mai haƙƙin ya amince daga baya ko kuɗin ya isa gare shi. Ma'ana, dillali na iya ɓacewa da abans, mai gida kuma ya ce a biya shi nasa, doka tana bayansa. Don haka a nemi takardar wakilci da sa hannun mai gida, wadda ta ce ƙarara dillalin na iya karɓar kuɗi. Idan babu ita, kuɗin haya hannun mai gida zai shiga, dillali kuma ya karɓi la'adarsa kawai.

Tambaya ta biyu: mene ne sunan kowane kuɗi?

Dillali yakan faɗi jimla ɗaya, alhali kuɗaɗe iri huɗu ne a cikinta, kowanne da hukuncinsa. Abans hayar watanni ce da aka biya tun kafin su zo, kuma yana ƙarewa wata bayan wata. Kosiyon ajiya ce a hannun mai gida don maganin ɓarna ko bashin wuta da ruwa, ba a cinye ta da zama, ana mayar da ita ne bayan an fita. La'ada ladan dillali ce, ba ta dawowa idan ciniki ya faɗa. Kuɗin gani kuwa ɗan abin da ake ba dillali ne don ya kai mutum ya duba gida, ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba.

Wanda ya fito daga Najeriya ya saba da biyan hayar shekara a dunƙule, don haka duk abin da ya miƙa wa mai gida yakan lissafa shi a matsayin watannin zama. A Kamaru haya ta wata-wata ce, kuma a nan ne ake samun ruɗani tsakanin abans da kosiyon.

A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa da ya zo Pitowa saboda kasuwarta ta ranar Lahadi, ya sami ɗaki biyu da falo a kan sefa 25,000 a wata. Dillali ya ce a kawo 227,000. A ran mai gida, lissafin shi ne 150,000 abans na wata shida, 50,000 kosiyon na wata biyu, 25,000 la'ada, 2,000 kuɗin gani. Ɗan kasuwar ya fahimci cewa 27,000 na dillali ne, sauran 200,000 kuma ya raba su da 25,000 ya sami wata takwas. Rasit ɗin da aka ba shi layi ɗaya ne da Faransanci, cewa an karɓi 200,000 saboda gida. Ya biya ranar 1 ga Maris, amma tsohon ɗan haya bai kwashe kayansa ba sai 10 ga Afrilu.

Daga nan lissafi biyu suka rabu. Mai gida yana ƙirga wata shida daga ranar da aka biya shi, don haka a wurinsa abans ya ƙare ranar 31 ga Agusta. Ɗan kasuwar yana ƙirga wata takwas daga ranar da ya shiga, don haka a wurinsa ya biya har 9 ga Disamba. Tazarar ta haura wata uku. A ƙarshen Oktoba mai gida zai ce ana bin sa hayar wata biyu, shi kuwa yana ganin saura masa fiye da wata guda. Ko da an warware batun kosiyon, akwai kwana 40 da ya biya bai kwana a gidan ba, wanda kuɗinsu ya kai kimanin sefa 33,000. Babu wanda ya yi niyyar cuta a wannan labari. Layi uku ne ba a rubuta ba: nawa ne abans, nawa ne kosiyon, kuma daga wace rana ake fara ƙirga.

Wajen rubuta adadin ma akwai tarko ga masu ƙetara iyaka. A kasuwannin Nijar da arewacin Kamaru ana ƙirga da dala, wadda take sefa 5, ana kuma cewa jaka ko booro a nufi 1,000. Kalmar dubu a bakin mutum ɗaya na iya zama sefa 1,000, a bakin wani ta zama 5,000. A takarda sai a rubuta adadin da lambobi, a sake rubuta shi da kalmomi, a kuma ambaci cewa sefar Afirka ta Tsakiya ce. Sefar Nijar da ta Kamaru darajarsu ɗaya a hukumance, amma takardun kuɗin daban ne, kuma mai canji yana cire rabonsa. Idan da naira za a biya wani ɓangare, a rubuta farashin canjin da aka yi amfani da shi a ranar.

Game da kosiyon, tambayoyi biyu ne ke hana rigima a ƙarshe: cikin kwana nawa za a mayar da ita bayan an miƙa makulli, kuma me aka yarda a cire daga ciki? Idan mai gida ya ce zai cire kuɗin fenti, gara a ji tun yanzu a rubuta adadin. Game da la'ada kuma, a rubuta ko ɗan haya kaɗai ke biya ko har da mai gida, ko dillali ɗaya ne ko suna da yawa da za su raba, da kuma cewa ba a biyan ta sai ranar da makulli ya shiga hannu.

Tambaya ta uku: yaushe za a ba da makulli, kuma in ba a bayar ba fa?

Amsar da aka fi ji ita ce ƙarshen wata in Allah ya yarda. A takarda ana buƙatar rana da wata da shekara. Sannan a tambaya ko akwai mutum a cikin gidan yanzu, in akwai, an ba shi wa'adin tashi, kuma yaushe wa'adin zai cika. Mai gida ba shi da ikon fitar da tsohon ɗan haya da ƙarfinsa. Idan mutumin ya ƙi tashi, sai an bi ta kotu da ma'aikacin shari'a mai zartar da hukunci, wanda ake kira wisiye, kuma wannan na iya cin watanni. Sabon ɗan haya da ya riga ya biya shi ne zai zauna jira, kuɗinsa a hannun wani.

Wani salon da aka saba gani shi ne gidan da bai kammalu ba. Mai gida zai ce a ba shi abans ya sa ƙofa da taga, ya haƙa masai, ya jawo wuta. Wannan bashi ne ɗan haya ke bai wa mai gida, kuma ya kamata a rubuta shi a matsayin haka: aikin da za a yi ɗaya bayan ɗaya, ranar gamawa, da cewa haya ba ta fara ƙirguwa sai ranar shiga. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba kuɗin biyu, a ba da kaɗan ranar sa hannu, ragowar ranar karɓar makulli.

Jimlar da ta fi kowace muhimmanci a duk takardar ita ce wadda ta ce idan ba a miƙa makulli a ranar da aka ambata ba, za a mayar da duk abin da aka karɓa cikin kwana kaza. A gefenta a rubuta abin da zai faru idan mai neman hayar ne ya fasa: nawa za a riƙe, nawa za a mayar. Mai gida na gaskiya ba ya jin nauyin wannan jimla, domin ta kare shi ma.

Inda aka karɓi kuɗin mutum biyu ko uku a kan ɗaki ɗaya, ko wanda ya karɓa ba shi da alaƙa da gidan sam, magana ta fita daga saɓanin haya ta zama zamba. Sashe na 318 na kundin hukunta laifuka na Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 kan zamba da cin amana. Amma jandarma ko ɗan sanda zai fara ne da tambayar sunan mutumin da shaidar cewa ya karɓi kuɗi. Wanda bai san dillalinsa da komai ba sai laƙabi da lambar waya, ƙararsa ba ta da inda za ta kama.

Tambaya ta huɗu: a wane hali gidan yake, kuma bashin wa ke kan mita?

Sashe na 1731 ya ce idan ba a rubuta halin da gida yake ciki ranar shiga ba, ana ɗauka ɗan haya ya karɓe shi lafiya lau, kuma haka zai mayar, sai in ya kawo hujjar akasin haka. Taga da ta riga ta fashe da famfon da ya riga ya lalace za su koma wuyansa, a cire daga kosiyon. Maganinsa zagaye ne na rabin sa'a tare da mai gida, ɗaki bayan ɗaki, ana rubuta abin da aka gani ana ɗaukar hoto, kowa ya sa hannu.

Gidan da aka duba a zafin Maris ko Afrilu ba ya nuna halinsa na Agusta. A dubi silin ko akwai tabon yoyo, a dubi gindin bango ko akwai layin da ruwa ya taɓa tsayawa. Ambaliyar 2012 ta nuna yadda kogin Binuwai ke mamaye wurare masu kwari a wannan yanki, don haka tambayar ko ruwa ya taɓa shiga gidan ta cancanci a rubuta ta, a kuma maimaita ta ga maƙwabta. Manyan gyare-gyare irin na rufi da bango suna kan mai gida, ƙananan gyare-gyaren yau da kullum suna kan ɗan haya. Yashe rijiya da kwashe masai ma, bisa sashe na 1756, aikin mai gida ne sai idan yarjejeniya ta ce akasin haka. Wannan togaciya ita ce dalilin karanta kowane layi.

A gidan haya mai ɗakuna da yawa, mitar kamfanin lantarki takan zama ɗaya da sunan mai gida, a sa wa kowane ɗaki ƙaramar mita, ko a raba kuɗin bisa yawan ƙwan fitila da fanka. A tambaya a rubuce: mita da sunan wa take, nawa ake sayar da kowane kilowat a gidan, wa ke tara kuɗin ya kai, kuma a ga takardar biya ta ƙarshe. A rubuta lambar da mitar wuta da ta ruwa ke nunawa ranar shiga. Idan akwai tsohon bashi, kamfani layin zai yanke, ba ya tambayar wanda ya sha wutar.

Tambaya ta biyar: za a yi wa yarjejeniyar rajista, kuma wa zai biya?

Mutane da yawa suna kai takarda kwamisariya ko ofishin magajin gari a buga mata tambari, su ɗauka an gama. Wannan tabbatar da sa hannu ne kawai. Rajista abu ne daban, a ofishin haraji ake yin ta, ana biyan kaso na kuɗin hayar bisa abin da dokar kuɗi ta tsara, kuma ya kamata takarda ta faɗi wanda zai ɗauki wannan nauyi.

Rajista wuƙa ce mai baki biyu. Ta ɓangaren ɗan haya, tana bai wa takardar tabbatacciyar ranar da ba a musu a kanta. Sashe na 1743 ya ce idan mai gida ya sayar da gidan, wanda ya saya ba zai iya korar ɗan hayan da ke da irin wannan takarda ba, sai in an rubuta wannan dama a cikin yarjejeniyar tun farko. Ga wanda ya biya wata shida ko shekara a gaba, wannan ita ce kariyar kuɗinsa idan gida ya sauya hannu.

Ta ɓangaren mai gida kuma, rajista ce ke buɗe ƙofar sashe na 322-1 na kundin hukunta laifuka da aka sabunta ranar 12 ga Yuli 2016. Sashen ya ce ɗan hayan da yarjejeniyarsa ke da rajista, ana bin sa hayar wata biyu, aka aika masa takardar gargaɗi, wata guda ya wuce bai biya ba kuma bai tashi ba, yana iya fuskantar ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3, da tarar sefa 100,000 zuwa 300,000, ko ɗaya daga cikin biyun. A koma ga ɗan kasuwar Pitowa. Idan ya sa hannu a kan yarjejeniya da Faransanci bai karanta ba, mai gida kuma ya yi mata rajista, to gargaɗin da ya iso shi a farkon Nuwamba zai cika wa'adinsa a farkon Disamba, lokacin da shi yake ganin bai ci bashin ko sisi ba. Baƙo mai zama da takardar izini ya fi kowa asara idan sunansa ya shiga irin wannan shari'a.

Wanda zai yi sana'a a wurin, ko shago ne ko sito ko ɗinki, ya tabbatar an rubuta haka. Hayar wurin sana'a tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA da aka sabunta a 2010, wadda Kamaru da Nijar da Chadi suke aiki da ita, Najeriya kuwa ba ta ciki. Dokar tana bai wa wanda ya yi sana'arsa a wuri na tsawon shekara biyu bisa ƙa'ida haƙƙin neman sabunta hayarsa. Idan takarda ta ce gidan kwana ne kawai, buɗe shago a cikinsa na iya zama saɓa yarjejeniya.

Yadda ake shirya takardar

Ba a buƙatar lauya don shafi ɗaya. Ana rubuta tambayoyin a jere, a bar fili a ƙarƙashin kowace, a kai wa mai gida cikin ladabi, a ce Alhaji ko Hajiya, ga 'yan abubuwan da ake son a cike don kowa ya huta. Harsunan hukuma a Kamaru Faransanci ne da Ingilishi, don haka kwafin da za a kai ofis ya kasance da Faransanci. Wanda ba ya karanta shi ya zo da nasa mai fassara, wanda ba dillalin ba ne kuma ba ɗan mai gida ba, ya karanta masa layi-layi, a rubuta sunan mai fassarar cikin shaidu. Ana iya ajiye kwafin Hausa, da boko ko da ajami, don tunawa. A yi asali biyu, kowane ɓangare ya riƙe ɗaya mai sa hannun kowa, domin takardar da ke aljihun mai gida kaɗai ba ta kare ɗan haya.

Idan ta waya za a tura kuɗi, a duba sunan da ya fito a kan allo kafin a tabbatar, ya yi daidai da sunan da ke takarda. Saƙon tura kuɗi yana nuna an biya, ba ya nuna dalilin biya, don haka rasit mai rarrabe abans da kosiyon yana nan a matsayinsa. La'adar dillali kuma ta sami nata rasit daban, da sunansa da lambar katinsa.

Yadda aka karɓi takardar ma amsa ce. Mai gidan da ya ce bai saba da rubutu ba amma ya yarda a kira jauro a cike tare, ana iya ci gaba da shi. Dillalin da ya ce mai gida ya yi tafiya, ba a samunsa a waya, makulli yana wurin wani, amma kuɗin dole a kawo yau kafin magariba, ya riga ya amsa tambaya ta farko, kuma asarar wanda ya juya a wannan lokaci ba ta wuce kuɗin gani ba.